Mai son rage ƙiba ya fara da mudun wake

Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ke son rage ƙiba da kuɗin alawus ɗin da ake turo masa daga gida bai kamata ya sayi shayin rage tumbi ba, bai kuma kamata ya daina karyawa ba. Ya shiga kasuwar Monday ta Kakuri ya nufi wajen masu awo, kafin idonsa ya faɗa kan katan ɗin indomi.

Mu yi lissafi. Ƙaramar indomi ɗaya ta haura kalori 300, kuma tsakani da Allah wa ke cin ɗaya? Biyu da lemon kwalba sun kusa 900, amma kafin a fito lacca ta biyu ciki ya fara ƙugi. Rabin gwangwanin madara na ɗanyen wake kuwa, kalorinsa wajen 250 ne. In ya dahu ya ninka, ga furotin, ga harza mai jinkirta narkewa, shi ya sa yake riƙe ciki har la'asar.

Don haka garau-garau ba laifi, juya ta kawai za a yi: wake kashi biyu, shinkafa kashi ɗaya, a cika sauran kwanon da kabeji ko latas. Inda muke faɗawa rami shi ne mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa daga bakin kwalba muke tuttulawa. A auna cokali ɗaya, yaji ya ƙarasa aikin. Saboda man nan ne ƙosai da soyayyar awara ba su kai dafaffen wake ba, duk da asalinsu mai kyau ne. Canjin da ya rage a sayi dankalin Hausa na dafawa, da ƙwai in aljihu ya yarda.

Za a ce wake na cin gas, yana kuma kumbura ciki. Gaskiya ne. Jiƙa shi tun dare, zubar da ruwan, ka dafa na yini guda a tukunya ɗaya. Zai fi saurin nuna, iskar ma ta ragu. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan. Wajen saye kuma a damtsa a duba: mai huji ko gari a ƙasa ƙwari sun riga ka. A zuba a busasshiyar jarka a toshe.

Kada a yi gaggawa. Rabin kilo a mako ya isa, kuma sau ɗaya a mako ake hawa sikeli, da safe. In jiri na ɗibar ka a aji ko karatu ya daina shiga, ka rage abincin fiye da kima, ƙara dankali. Mai olsa ko ciwon suga ya fara leƙa asibitin makaranta tukuna.