Cika baki halal ne, amma a ƙyale alƙalin wasa

'Yan uwa magoya bayan Niger Tornadoes na Dutsen Kura, duk lokacin da Kwara United za ta zo Minna, saƙonninmu kan cika da "ko ta halin ƙaƙa sai mun ci". Yaro kuma ya ɗauka izinin jifa aka ba shi.

A tsokani 'yan Ilori, a tuna musu kofin ƙalubale da muka ɗauka a 2000. Amma a daina ambaton alƙalin wasa. Idan aka taɓa shi, hukumar gasar Firimiya kan ci tara, ta zaftare maki uku, ta rufe fili. Mu da muka sha bin ƙungiyarmu Lokoja da Kaduna wasan gida, me zai sa mu jawo a rufe mana Bako Kontagora?