HARAJIN LEMON KWALBA: A AUNA SUKARI, BA RUWA BA

A ƙauyukanmu yau da wuya a yi biki ko suna ba a kawo lemon kwalba ba. Manomi ya sayar da hatsi ran kasuwa, ya sayi kwalba ɗaya don ya kashe ƙishi. Amma mutum nawa ne suka san yawan sukarin da ke ciki? Kwalba mai rabin lita ta irin lemon da aka saba sha tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce wannan. Ashe kwalba guda ta cinye rabon yini duka, tun ba a yi maganar shayi da koko ba. Yawan shan irin wannan lemo yana kawo ƙiba, da ruɓewar haƙori, da ciwon sukari, wanda maganinsa yakan cinye dukiyar gida.

Saboda haka ƙasashe da yawa suka sa wa lemon kwalba haraji. A Nijeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa Naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Mu muna goyon bayan nufin wannan haraji. Amma muna ganin yadda aka tsara shi bai yi daidai ba. Bari mu duba abin da aka yi a Ingila, domin a gane dalilinmu.

A watan Maris na 2016, Ministan Kuɗi na Ingila, George Osborne, ya ba da sanarwa cewa za a sa haraji a kan lemo mai sukari, amma sai watan Afrilu na 2018 za a fara karɓa. Wato an ba kamfanoni shekara biyu su shirya. An kuma yi wa harajin hawa-hawa bisa ga yawan sukarin da ke cikin mililita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Lemon da sukarinsa bai kai giram 5 ba, babu haraji a kansa ko kaɗan. Lokacin da aka fara karɓa a 2018, daga giram 5 zuwa ƙasa da 8, kwabo 18 ne na Ingila a kan lita. Daga giram 8 zuwa sama, kwabo 24.

To, sa kanka a matsayin mai kamfani. Lemonka yana da giram 10. In ka bar shi haka, za ka biya kwabo 24 a kan kowace lita, kuma lita miliyoyi kake sayarwa. In ka ƙara kuɗin a kan masu saye, maƙwabcinka da ya rage sukari zai kwashe maka kasuwa. In kuwa ka sauko ƙasa da giram 5, ba ka biyan kome. Kamfanoni da yawa sun yi wannan lissafi, suka rage sukari tun ranar ba ta zo ba. Masu yin Irn-Bru, lemon da mutanen Sikotilan ke so ƙwarai, sun sauko daga giram 10.3 zuwa 4.7. Ribena da Lucozade su ma sun sauko ƙasa da 5. Kamfanin Coca-Cola ya rage wa Fanta sukari, amma ya bar ainihin Coca-Cola yadda take, ya ƙara mata kuɗi. Hukumar lafiya ta Ingila ta auna, ta iske daga 2015 zuwa 2019 sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari, ko da yake mutane ba su rage sayen lemo ba.

Abin lura shi ne, ba halin masu sha kaɗai harajin ya sāke ba. Halin masu yin lemon ya sāke. Yaron da bai taɓa jin labarin haraji ba ya ci gaba da sayen kwalbarsa, amma sukarin da yake sha ya ragu da rabi.

Yanzu mu komo gida. Naira 10 a kan lita, ai Naira 5 ke nan a kan kwalba mai rabin lita. Ko sukarin giram 11 ne, ko giram 4, kuɗin ɗaya ne. Me zai sa mai kamfani ya rage? Babu ribar da zai samu. Ga kuma tsadar kaya. In kwalba tana Naira 100, harajin kashi 5 ne cikin ɗari. In ta kai Naira 400, ya koma kashi ɗaya da ɗan ɗoriya, mai saye ba zai ko ji shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2016, sai haraji ya ɗaga kuɗin lemo da kamar kashi 20 cikin ɗari kafin shansa ya ragu sosai. Harajin da bai taɓa mai yi ba, bai taɓa mai sha ba, ya zama hanyar tara kuɗi kawai.

Wani zai ce, ai talaka ne zai sha wahala. Maganar tana da gaskiya. Ƙarin Naira 50 ba kome ba ne wurin attajiri, amma wurin ɗan ƙodago kuɗi ne. A ƙasar Meziko, inda aka sa haraji a kan lita a 2014, gidajen talakawa ne suka fi rage saye. Sai dai a tuna, in ciwon sukari ya shiga gida, talaka ne ke sayar da akuya da gona don neman magani. Kuma kyan tsarin Ingila ke nan, ya bar wa kowa ƙofa: lemo mai ƙarancin sukari yana nan ba haraji.

Kada kuma mu ɗauka haraji zai gama kome. Bai kai ga sukarin da mai shayi ke zubawa ba, ko wanda ake sa wa zoɓo da kunun zaƙi a gida. In lemo ya yi tsada mutum ya koma zoɓo mai zaƙi caɓa-caɓa, an gudu ne ba a tsira ba. A Ingila ma, binciken da aka buga a 2023 ya sami raguwar ƙiba wurin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 11, amma bai samu wurin samari tsaransu ba.

Ga abin da muke roƙo. A riƙa auna harajin da yawan sukari, a bar mai kaɗan ba haraji. A riƙa gyara kuɗin duk shekara don kada tsada ta cinye shi. A ba kamfanoni lokaci su shirya. Kuma a faɗa wa jama'a nawa aka tara, a sa wani kashi wajen kawo abin gwada sukarin jini a asibitocin ƙauye, da haƙa rijiyoyi masu ruwa mai kyau a makarantu. Ku gaya wa wakilanku na majalisa haka in sun zo gida.

Kafin nan, in kun sayi lemo, ku juya kwalbar ku nemi inda aka rubuta yawan sukari. In giram 10 ne a mililita 100, kwalbar rabin lita cokali goma sha biyu ke nan. Ku nuna wa 'ya'yanku, su ƙirga da kansu.