Tsuguno ko zama a banɗaki: kafin mu fasa masan tsuguno, mu tsaya mu yi lissafi

Jama'a, akwai maganar da kunya ke hana mu yi a taro, alhali tana damun gidaje da yawa. Mafi yawanmu da shadda da salga muka taso, inda babu zaɓi sai tsuguno. Da zama ya kawo mu Legas, Ibadan, Fatakwal da Abuja, sai muka tarar da gidajen haya masu masan zama na tangaran. Yau in ɗan'uwa ya samu hali ya yi gini, abin da zai fara gaya wa mai aikin famfo shi ne a sa masa na zama a kowane banɗaki, don na tsuguno ya zama alamar ƙauyanci. A daidai wannan lokaci kuma, kukan basir da taurin bayan gida bai bar bakinmu ba, masu tallan maganin basir a tasha da kasuwa kuwa ba sa rasa ciniki.

Ra'ayinmu shi ne, tsuguno ya fi zama sauƙaƙa fitar bahaya, kuma bai dace mu yar da shi don yayi ba. Amma ba maganin komai ba ne, ba kuma kowa ya dace da shi ba.

Bari mu fara da yadda jiki yake. Ƙarshen hanji, inda bahaya ke taruwa, bai miƙe sambal zuwa dubura ba. Akwai wata tsoka da ta taso daga ƙashin mara, ta zagaya bayan hanjin kamar majanyi, ta dawo gaba. Tana jan hanjin gaba, sai ya lanƙwashe, kamar yadda ake lanƙwasa tiyo a tsayar da ruwa. Wannan lanƙwasa tana cikin abin da ke sa mutum ya iya riƙe bahaya yana tafiya ko yana kan babur. Idan lokacin fitarwa ya yi, tsokar takan saki, hanyar ta ɗan miƙe. Yadda za ta miƙe kuwa ya danganta da inda cinyoyi suke. In cinya ta matso kusa da ciki, kamar a tsuguno, hanyar ta fi buɗewa. In mutum ya zauna a miƙe kamar a kujerar ofis, ragowar lanƙwasar na nan, sai ya cike giɓin da ƙarfin yunƙuri.

An auna wannan. A 2010 wasu likitoci a Japan sun ɗauki hoton cikin mutum shida, suka ga kusurwar hanyar ta kai kimanin digiri 100 a zaune, a tsugune kuma kimanin 126. Kafin su, a 2003, wani likita a Isra'ila mai suna Dov Sikirov ya sa mutum 28 masu lafiya su riƙa duba agogo. A masai mai tsayin santimita 41 zuwa 42 sun ɗauki kimanin daƙiƙa 130 kafin su ji sun gama. A mai tsayin santimita 31 zuwa 32, daƙiƙa 114. A tsugune, daƙiƙa 51 kacal, kuma sun ce yunƙurin ya fi sauƙi. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, wannan gaskiya ce, amma sakamakon ya dace da abin da tsarin jiki ya nuna, ya kuma dace da abin da duk wanda ya yi amfani da biyun ya sani.

To me ya sa muka damu da yunƙuri? Idan mutum ya riƙe numfashi ya danna ƙasa da ƙarfi, matsin ba a kan bahaya kaɗai yake sauka ba. A bakin dubura daga ciki akwai wasu 'yan matasai na nama cike da jijiyoyin jini, kowa yana da su, suna taimakawa wajen rufe ƙofar. Yawan danna su kullum kan sa su kumbura, su saki, su fara zubar da jini ko su leƙo waje. Abin da muke kira basir ke nan. Bahaya mai tauri da aka tura da ƙarfi kan iya tsaga fatar wurin, ya bar zafi kamar an yanka da reza. Haka kuma riƙe numfashi da yunƙuri yana sa bugun jini ya hau ya sauka cikin gaggawa, shi ya sa wani kan ji jiri, dattijo ko mai ciwon zuciya ma ya iya suma a banɗaki. Saboda haka duk abin da zai rage yunƙuri ya cancanci a kula da shi.

Za a ce mana, ai yawancinmu 'yan haya ne, mai gida ba zai yarda a fasa masa banɗaki ba. Haka ne, kuma ba sai an fasa ba. Abin da ake nema shi ne gwiwa ta haura ƙugu. Mu ɗauki misalin magidanci mai matsakaicin tsayi a ɗakin haya, masansa tsayin santimita 42. Daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa kusan tsayin ke nan, don haka in ya zauna cinyarsa a kwance take, ko ma ta ɗan gangara ƙasa. Matarsa da ta fi shi gajarta, da yatsun ƙafa take taɓa ƙasa. Yaronsu ɗan shekara biyar kuwa ƙafafunsa lilo suke yi, ba shi da abin dogarawa.

Sai a kawo kujera 'yar tsuguno, irin wadda mata ke zama a kai wajen girki, mai tsayin santimita 18 zuwa 23, wato inci bakwai zuwa tara. A ajiye ta a gaban masai, a ɗora ƙafafu biyu a kai, a ɗan ware su. Yanzu gwiwa ta haura ƙugu da kusan taƙi ɗaya. Sai a ranƙwafa gaba, a ɗora gwiwar hannu a kan cinya, baya a miƙe, a saki ciki ya fito. Kada a riƙe numfashi: a bar baki a ɗan buɗe, a riƙa fitar da iska a hankali yayin da ake turawa kaɗan-kaɗan. Dogon mutum inci shida ko bakwai sun ishe shi, gajere da yaro su nemi tara. Kujerar ta zama mai faɗin ƙafa wadda ba ta santsi a jiƙaƙƙen tayil, kuma a bar ta ta zama ta banɗaki kaɗai.

Wannan ma an gwada shi. A 2019 likitoci a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun wallafa binciken mutum 52 da suka yi mako biyu ba matakin ƙafa, mako biyu da shi. Kashi 90 cikin ɗari sun ce yunƙurinsu ya ragu, kashi 71 kuma sun fi saurin gamawa. Kowa na iya yin irin wannan gwaji a gidansa. In bayan mako biyu mutum ya ga yana gamawa cikin minti biyu ko uku, fuskarsa ba ta ɗaurewa, ba ya tashi yana jin saura, to kujerar ta yi aikinta.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne a daina hawa kan masan zama ana tsugunawa. Mun san ana yi, musamman a banɗakin da jama'a ke haɗuwa, wani don sabo, wani don ƙyama. Ba a ƙera tangaran ɗin don ya ɗauki nauyin mutum a kan ƙafa biyu a gefensa ba. Yana iya girgiɗewa daga ƙasa ko ya dare, kuma fasasshen tangaran kaifi gare shi kamar wuƙa, yana yanka cinya da ɗuwawu yanka mai zurfi. Sauƙin minti ɗaya bai kai ɗinki a asibiti ba.

Sai mu faɗi iyakar maganar, don kada a ɗauka mun ce tsuguno waraka ne. A ƙauyukanmu da ba a san masan zama ba, basir na nan, har sunansa muna da shi tun kaka da kakanni. Gyaran zama yana miƙe hanya ne kawai, ba ya tausasa bahaya. Wanda abincinsa burodi ne da shayi da safe, taliya da rana, farar shinkafa da dare, yana yini a rana bai sha ruwa ba, ko ya tsuguna sai ya yi nishi. Maganinsa wake, zogale, kuɓewa, kuka, gwanda, lemo da wadataccen ruwa. Tiramadol da kodin suna ɗaure ciki ƙwarai, maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ma yakan yi haka. Sannan ga wayar hannu: masan zama yana da daɗin zama, mutum ya yi minti ashirin yana latse-latse, duburarsa a rataye cikin rami, jini na taruwa a wurin. In minti biyar ta wuce ba labari, a tashi, a dawo in ya matsa. Kuma in ya matsa kada a danne shi don ciniki, domin daɗewarsa a hanji ita ke busar da shi.

Akwai kuma waɗanda zama ya fi musu. Tsoho mai ciwon gwiwa, mai shanyewar ɓarin jiki, mace mai tsohon ciki, wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko gwiwa, da mai jin jiri in ya miƙe, duk haɗarin faɗuwa ya fi musu girma a kan amfanin tsuguno. Su zauna, a sa musu ɗan gajeren mataki in jikinsu ya yarda, a kafa musu ƙarfen riƙewa a bango. Wanda aka sauya wa ƙashin ƙugu kada ya ɗaga gwiwa sama da ƙugu sai likitansa ya amince.

Wasu alamomin kuma ba na kujera ba ne, na asibiti ne: jini da ke maimaituwa ko ya cakuɗe da bahaya, bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, rama ba dalili, ko sauyin yanayin bayan gida da ya wuce makonni, musamman ga wanda ya haura arba'in. Ba kowane jini ne basir ba, sankarar hanji ma tana fara nuna kanta da haka. Shan jiƙe-jiƙe wata da watanni yana cinye lokacin da ya kamata a gano ta.

Don haka ga masu gini a cikinmu, shawararmu ita ce in banɗaki biyu ne, a yi ɗaya na tsuguno mai ruwa, ɗaya na zama. Na tsugunon zamani tsaf yake, yana da saukin wankewa, ya kuma dace da mai amfani da buta. Kwamitocin da ke kula da banɗakunan kasuwa da na unguwa su ma su yi haka: mafi yawa na tsuguno, a ware ɗaya na zama mai marikin hannu don dattawa da marasa lafiya. Mu 'yan haya kuwa, kafinta na bakin layi zai haɗa mana kujerar da guntun katako a yini ɗaya. A auna tsayin masai da na mutanen gida kafin a ba shi aikin, a kuma fara da yara, don su ne ƙafarsu ba ta kai ƙasa.