Balas ɗin A Daidaita Sahu Ba Duka Ne Riba Ba

Wani ƙanena, malamin sakandare a Kano, ya same ni bayan sallar Isha'i da takarda a hannu. Kuɗin gado ne ya zo masa, ya haɗa da abin da ya tara a adashi, suka tasam ma naira miliyan 4. Ya ce, "Yaya, na gama shawara, A Daidaita Sahu zan saya in ba wani yaro. Kullum zai kawo mini balas 8,000. Ka duba lissafin." Na duba. Ya ɗauka babur ɗin zai yi aiki kwana 300 a shekara, wato naira miliyan 2.4, kashi 60 cikin 100 na jarinsa ke nan. Sai ya ƙara da cewa, "Wace takardar gwamnati ce za ta ba ni haka?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce tambayar dubban ma'aikata da albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Ni dai ra'ayina shi ne, ma'aikacin da ba zai iya tsayawa a kan sana'a da kansa ba, bai kamata ya mayar da ita babban ma'ajin dukiyarsa ba. Dalilina yana cikin takardar nan da ya miƙo mini.

Muka zauna muka sake lissafin tare, da alƙaluman da shi kansa ya yarda ba a tsananta ba. Da farko kwanakin aiki. Babur ba ya fita kwana 300. Akwai ranar da yake wajen bakanike, da ranar da direba ba shi da lafiya ko an yi masa rasuwa, da hutun sallah, da ranar da aka kama shi kan takardu, da ranar da zai zo da rabin kuɗi ya ce gari ba fasinja. Muka bar shi a kwana 250, balas ya dawo miliyan 2. Sannan babban gyara, wanda a al'ada mai babur ne ke ɗauka: tayoyi, batir, sauke inji, sabunta takardu. Muka sa 400,000 a shekara, saura miliyan 1.6.

A nan yawancin mutane ke tsayawa, su ce ai har yanzu kashi 40 ne. Amma akwai kashin kuɗi guda da ba ya zuwa da rasit, shi ne tsufan babur ɗin kansa. Babur ɗin haya da ya yi shekara 3 yana bin ramukan Kurna da Rijiyar Lemo ba shi ne wanda aka fito da shi daga shago ba. Idan a kuɗin yau zai sayu a miliyan 1.6, to miliyan 2.4 ta narke a cikin shekara 3, wato 800,000 kowace shekara. Cire wannan daga miliyan 1.6, abin da ya rage 800,000 ne, kashi 20 cikin 100. Wato a cikin abin da ke shiga aljihun mai babur bayan gyara, rabi ne kawai riba, ɗaya rabin uwar kuɗinsa ce ake dawo masa da ita kaɗan-kaɗan. Shi kuwa yana karɓa da yamma, ya yi cefane da ita, ya biya kuɗin makaranta, yana ganin riba yake ci. Ranar da injin ya buga gaba ɗaya, sai ya duba ya ga ba babur, ba kuɗin sayen wani. Na ga haka ya faru da masu injin niƙa, da masu firijin ƙanƙara, da masu kiwon kaji da suka manta cewa ɗakin kajin ma yana tsufa.

Yanzu a ajiye wannan kashi 20 kusa da abin da kasuwar kuɗi ke bayarwa. Na san da an ce takardun gwamnati, da yawa daga cikinmu za su ja da baya saboda kuɗin ruwa, kuma suna da hujja. Shi ya sa zan ɗauki sukuk, wanda aka gina shi a kan haya. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da sukuk na gwamnatin tarayya a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, kuɗin haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, kuma da kuɗin aka yi ayyukan hanyoyi. Wanda aka fitar a 2025 ya zo da kashi 19.75, ana biya sau biyu a shekara, kuma ana iya shiga da naira 10,000. Miliyan 4 a kan wannan ƙima za ta kawo 790,000 a shekara. Tsakaninta da ribar babur ɗin ƙanena naira 10,000 ce kacal, ba kuma wanda zai buga masa waya yana tsakiyar darasi ya ce an yi hatsari a Kabuga.

Wannan wayar ma kuɗi ce, ko da ba ma lissafa ta. Malamin da ya bar aji ya tafi neman belin babur, ko ya ƙarar da Asabar ɗinsa a garejin bakanike yana tsaron kada a sa masa tsohon kaya a kuɗin sabo, aiki ya yi. Da ya yi waɗannan sa'o'in yana koyar da darasin yamma, da an biya shi. Duk sana'ar da ribarta ke ɓacewa da zarar mai ita ya yanka wa kansa albashi, to aiki na biyu ya saya wa kansa da kuɗinsa. Wannan ba aibi ba ne, amma ya kamata ya san abin da ya saya.

Sai dai ba zan yi wa ƙanena adalci ba idan na tsaya a nan, domin takardar gwamnati tana da nata ciwon, kuma babba ne. Wanda ya sa miliyan 1 a sukuk na 2017 ya riƙa karɓar 164,700 kowace shekara, aka mayar masa da miliyan 1 ɗinsa cif a 2024. Amma a 2017 dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, miliyan ɗin tana daidai da dala kusan 2,800. Lokacin da aka mayar masa dala tana wajen 1,600, miliyan ɗin ba ta wuce dala 625 ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Kashi 16 ko 19 ba ya cim ma wannan gudu. Shi kuwa mai babur, idan kaya sun yi tsada, kuɗin mota yana tashi, balas yana tashi, tsohon babur ma yana ƙara kuɗi a naira. Wannan ne ya sa iyayenmu suka fi yarda da abin da za su taɓa da hannu, saniya ko fili ko buhun hatsi, kuma shekarun nan sun gaskata su a wurare da yawa.

Amsar kasuwar kuɗi ga wannan ciwo ita ce hannun jari, tunda shi ma mallakar wani yanki ne na kasuwanci, kamfanin siminti ko na sadarwa ko na abinci da ke ƙara farashin kayansa idan naira ta faɗi. Ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya ya tashi da kusan kashi 46 a 2023, ya sake tashi da kusan kashi 38 a 2024. Amma a nan Arewa ambaton hannun jari yana tayar da tsohon miki. A watan Maris na 2008 ma'aunin ya haura 66,000, kafin a zagayo shekara ya gangaro wajen 20,000. Mutane sun sayar da gidaje, wasu sun ci bashin banki, sun zuba a hannayen jarin bankuna, suka wayi gari da takardun da ba su kai sulusin kuɗinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya kayar da yawancinsu shi ne sun shiga da bashi, a fanni ɗaya, da kuɗin da suke bukata nan kusa. Wanda zai shiga yau ya shiga da kuɗin da ba zai nema ba har shekara 5, ta hannun dillali ko asusun haɗaka da hukumar SEC ta yi wa rajista. Akwai asusun da ke bin ƙa'idar shari'a, ba ya sayen hannun jarin kamfanin giya ko bankin kuɗin ruwa. Wanda kuwa ya yi maka alkawarin ninka kuɗi a wata ɗaya, wannan jikan MMM ne, ba shi da alaƙa da kasuwar da nake magana a kai.

Wannan kuskure na tara komai a wuri ɗaya shi ne ƙanena ke shirin yi, ta wata ƙofar. Babur ɗaya ne, a hannun direba ɗaya, a gari ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, kuma waɗanda suka zuba kuɗin fanshonsu a babura suka ga sana'ar ta tsaya a dare guda. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, direbobi suka fara neman a rage musu balas. Ba mai babur ko ɗaya da aka yi shawara da shi a lokutan biyu.

Sana'a tana yin galaba a kan takarda, da tazara mai yawa ma, idan mai kuɗin ya san ta ciki da waje kuma idonsa na kanta. Telar da ta ƙara keken ɗinki na biyu, ko ɗan Dawanau da ya san lokacin sayen riɗi da lokacin sakinsa, ba zan ce su kai kuɗinsu wajen dillali ba, domin saninsu ne ke haifar da ribar. Ƙanena bai taɓa tuƙa babur ba, bai san kukan injin da ke neman gyara ba, kuma daga ƙarfe 8 zuwa 2 yana cikin aji.

Na ce masa, "Idan ranka ya kafe a kan babur, to ka buɗe masa asusu daban. Kowane wata ka zuba 67,000 daga balas a ciki, kada ka taɓa, kuɗin sayen magajinsa ne, kuma ka ƙara adadin duk lokacin da farashin sabo ya tashi. Abin da ya saura bayan gyara shi ne naka. Idan wata 6 suka wuce ka kasa cika asusun nan, jarinka kake ci." Shawarar da na fi so ya ɗauka kuwa ita ce ya raba kuɗin, kaso mafi tsoka tsakanin sukuk da asusun hannun jari na halal, sauran ya gwada sana'ar da ya iya, wato darasin yamma ga ɗaliban da ke shirin jarrabawa, wadda benci da allo kawai take bukata. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce zai je ya tambayi masu babura biyu a unguwarsu kwana nawa nasu ya yi aiki a bara.