Sharhi: Wasiƙar maɗori ta cancanci amsa a rubuce

Wani maɗori ya rubuta wa cibiyar lafiya matakin farko da ke garinsu wasiƙa, inda ya nemi a yi yarjejeniya: shi ya riƙa tura masu marasa lafiyan da suka fi ƙarfinsa, su kuma su riƙa mayar masa da waɗanda kulawarsa za ta ishe su. Wannan buƙata ta cancanci amsa a rubuce, domin abin da ke cikinta hannaye ne da ƙafafuwa da ake yankewa alhali ana iya ceto su.

Misali ɗaya ya isa. Yaro ɗan shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafa ƙasa da hannu, gwiwar hannun ta kumbura. Irin wannan karaya, wadda ke faruwa a ƙashin dantse dab da gwiwar hannu, tana da haɗari, saboda babbar jijiyar jini na bi ta gaban wurin. Idan aka jera kara aka ɗaure tam, kumburin ba ya samun wurin fita, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da jini ya daina kaiwa gare shi yakan fara mutuwa cikin kimanin awa 6. Lokacin da yatsu za su yi baƙi, bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai dai a yanke.

Saboda haka, muhimmin sashen wasiƙar shi ne jerin alamomin da maɗorin ya ce ba zai riƙe mai su ba. Akwai zafin da ke ƙaruwa bayan ɗori, musamman idan an miƙe yatsu, da yatsun da suka yi sanyi ko suka daina jin taɓi, da ƙuraje masu ruwa a ƙarƙashin ɗauri. Da zarar an ga ɗaya, a sassauta ɗaurin nan take a kama hanya. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta wuya ko gadon baya, da ta gwiwar hannun yaro, waɗannan tun farko ba na ɗorin gida ba ne. Ya kuma ce zai haɗa kowane majiyyaci da takarda mai ɗauke da lokacin da ya ji rauni, da lokacin da aka ɗaure, da abin da aka shafa ko aka sha. Likitan da ya san an ɗaure hannu da azahar ya san sauran lokacin da ya rage masa.

Ɗaya ɓangaren ne ya fi wuya, domin ma'aikatan lafiya da yawa na ganin mayar da majiyyaci ga maɗori tamkar sa hannu ne a kan aikin da ba su da iko a kansa. Wannan fargaba na da hujja, kuma maganinta shi ne a shata iyaka. Wanda za a mayar shi ne wanda hoton ƙashi ya nuna targaɗe ne, ko wanda aka cire wa filasta yana buƙatar tausa mai sauƙi da motsa gaɓa, kuma da amincewarsa. Takardar mayarwa ta fayyace abin da aka hana, wato sabon ɗauri, da tsaga, da jan gaɓa da ƙarfi, ta kuma faɗi ranar komawa asibiti.

Wajibi ne cibiyar ta faɗi gaskiya game da kanta. Yawancin irin waɗannan cibiyoyi ba su da na'urar hoton ƙashi, balle likitan ƙashi. Idan yaron zai zauna a benci awa uku kafin a ce a wuce da shi babban asibiti, yarjejeniyar ta ƙara masa jinkiri ne kawai. Don haka amsar ta ƙunshi lambar wayar ma'aikaci guda, da izinin maɗori ya tura mai tsanani kai tsaye babban asibiti. A kuma hana yi wa iyaye faɗa don sun fara zuwa wurin maɗori, domin uban da aka kunyata a gaban jama'a ba zai dawo ba, maɗorin da aka zaga kuma ba zai sake turowa ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Sanarwar Alma-Ata ta 1978 ta ambaci masu maganin gargajiya cikin waɗanda za a iya horarwa su shiga aikin lafiya matakin farko, kuma Najeriya na da manufa kan maganin gargajiya tun 2007. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa a matakin gari.

Maɗorin da ya tura majiyyaci ya haƙura da kuɗin ɗorinsa ne, ya kuma amsa cewa iliminsa na da iyaka. Ya rage ga shugaban cibiyar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma su gayyace shi, su amince da jerin alamomin tare, su buga takardar turawa, sannan su riƙa zama duk bayan wata uku suna duba yadda kowane majiyyacin da aka tura ya ƙare.