Kuskuren Gani da Kuskuren Doka: Ƙofofi Biyu na Warware Hukuncin Hukuma



A cikin watan Yuni na 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, daura da Kantin Kwari, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne, gwamnatin da ta gabata ce ta rabar da shi ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. Ran 29 ga Satumba na wannan shekara Mai Shari'a Simon Amobeda ya yanke cewa rushewar ta saɓa wa doka, ya umurci Gwamnati ta biya diyyar naira biliyan 30. Cikin Disamba aka yi sulhu a kan naira biliyan 3. Wannan al'amari ya nuna wa 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari cewa hukuncin Hukuma yana iya warwaruwa a gaban alƙali. Abin da ya rage shi ne a san ta wace ƙofa ake shiga, domin zafin asara shi kaɗai ba hujja ba ne a kotu.

Kowane hukunci da wani ma'aikacin Hukuma ya yanke yana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ta fari ita ce abin da ya ɗauka ya auku, watau wane ne mai fili, nawa ya biya, yaushe ya yi gini. Ta biyu ita ce abin da ya ɗauka doka ta ba shi iko ya yi. In ya yi kure a ta fari, shi ne kuskuren gani, ko kuskure kan haƙiƙanin abin da ya faru. In ya yi kure a ta biyu, shi ne kuskuren doka.

Malamai ba za su ga wannan baƙon abu ba. A mazhabar Malikiyya an san hukuncin alƙali yana warwaruwa in ya saɓa wa nassi yankakke, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, wannan kuwa kuskuren doka ne. Muhtasar na Shehu Halilu ya kuma nuna ana warware hukunci in ta tabbata daga baya shaidun da aka dogara da su ba su cancanci shaida ba, kamar a tarar yara ne, wannan kuwa kuskure ne kan haƙiƙa. Amma inda alƙali ya yi ijtihadi a wurin da ijtihadi ya halatta, ba a rushe hukuncinsa don wani alƙali yana da ra'ayi dabam. Kotunan zamani ma a kan wannan iyaka suke tsayawa: suna duba ko ma'aikaci ya zauna cikin ikonsa, ba sa maye gurbinsa su zaɓa masa abin da ya fi kyau.

Kuskuren doka shi ya fi sauƙin kamawa, sabo da doka a rubuce take, fassara ta kuwa aikin kotu ne. A sha'anin filaye abin dogara shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili, amma da sharuɗɗa. Sai dai don maslahar jama'a wadda ta rinjaya, kamar buƙatar hanya ko makaranta, ko kuwa don mai filin ya karya sharaɗin da ke cikin takardarsa. Sa'an nan lalle sokewar ta fito a rubuce da sa hannun ma'aikacin da Gwamna ya wakilta, a kuma ba mai filin sanarwa, haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta isa gare shi. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da ita: a miƙa masa hannu da hannu, ko a bar ta a mazauninsa da aka sani, ko a aika ta gidan waya da rajista. Ma'aikacin da ya ɗauka jawabi a rediyo ko jan fenti a jikin bango ya wadatar, ya jahilci doka, abin da ya gina a kan wannan zato kuwa ba shi da tushe.

Daga Kano ne aka sami ɗaya daga manyan misalai. An ba wani mutum takardar haƙƙin zama a wani fili, daga baya aka ba wani mutum dabam takarda a kan filin nan, ba tare da an soke ta farin ba. Na biyun ya kafa hujja da cewa sabuwar takardar Gwamna tana shafe duk haƙƙin da ya gabace ta. A 2003 Kotun Ƙoli ta ƙi wannan fassara, ta ce muddin haƙƙin farko yana raye babu abin da ya rage a hannun Gwamna da zai bai wa wani, sai in ya soke shi ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Takarda ta biyu ta zama banza, ko da shi ke hatimin Hukuma yana kanta.

Kuskuren gani ya fi wuya, domin auna shaida aikin ma'aikacin ne tun asali. Kotu tana shiga ne a wurare ƙayyadaddu. Na fari shi ne inda doka ta rataya ikon a kan tabbatar wani abu, in babu abin babu ikon. A watan Janairu na 1980 Ministan Al'amuran Cikin Gida ya sa aka fitar da Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, zuwa Chadi, a kan cewa baƙo ne. Ikon korar mutum kuwa a kan baƙo kaɗai yake. Babbar Kotu a Maiduguri ta ji shaidu da kanta, ta tabbatar ɗan Nijeriya ne ta wajen mahaifiyarsa, ta soke umurnin. Minista bai yi kure wajen sanin yana da ikon korar baƙo ba, kurensa a kan wane ne baƙon.

Wuri na biyu shi ne inda hukunci ya ginu a kan kure bayyananne wanda ya jawo zalunci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila a 2004 ta jera sharuɗɗa huɗu, ba su zama tilas a kan alƙalan Nijeriya ba, amma ma'auni ne mai amfani ga wanda ke son ya auna ƙarfin ƙararsa. Kuren ya kasance kan abin da yake akwai a lokacin hukuncin. Abin ya zama tabbatacce da za a iya nunawa ba gardama. Mai ƙara ba shi ne ya jawo kuren ba. Kuren kuma ya yi tasiri a cikin hukuncin.

A misalta da wani ɗan kasuwa mai fili a Fagge, wanda takarda ta zo masa cewa an soke haƙƙinsa sabo da bai biya kuɗin ƙasa na shekara uku ba, alhali rasiɗan shekarun uku suna cikin akwatinsa. Biyan ya riga ya auku kafin sokewar, sharaɗi na fari ya cika. Rasiɗi mai lamba da kwanan wata ana iya gwada shi da littafin ofis, na biyu ya cika. Rashin biya shi ne dalilin da aka rubuta, na huɗu ya cika. Na uku ne wurin tuntuɓe. In ya sayi filin ne bai nemi yardar Gwamna an juya sunan ba, yana ta biya da lambar fayil da ba ita ba, to, da hannunsa a cikin kuren, ƙararsa ta yi rauni. Haka kuma in dalilin da aka rubuta shi ne za a faɗaɗa hanya, cewarsa hanyar ta fi dacewa ta bi wani gefe ra'ayi ne, kotu ba za ta saurare shi a kan haka ba. Abin da zai nema shi ne diyyar gininsa, bisa sashe na 29. Amma in bayan sokewar aka ga an miƙa filin ga wani attajiri ya gina kantinsa, maslahar jama'a ta ɓace, ƙofar kuskuren doka ta buɗe.

Akwai abubuwa uku da ke kayar da mai gaskiya. Na fari jinkiri: neman kotu ta duba hukuncin Hukuma yawanci wa'adinsa wata uku ne, kuma sai an fara neman izinin alƙali. Wanda ya ɓata watanni yana kamun ƙafa a gidajen manya zai iya tarar da ƙofa a rufe. Na biyu ɓatan kotu: rigima kan haƙƙin da Gwamna ya bayar ta Babbar Kotun Jiha ce bisa sashe na 39, masu shagunan Filin Idi kuwa sun shiga ne ta ƙofar tauye haƙƙin ɗan Adam. Na uku rashin sanin irin takardar da mutum ke riƙe da ita. Mai rumfa a Kasuwar Sabon Gari wanda hukumar kasuwa ta ba shi izinin zama, matsayinsa ba ɗaya ba ne da mai takardar Gwamna, hujjarsa tana cikin sharuɗɗan izinin da dokar da ta kafa hukumar. A kuma sani, in kotu ta soke hukunci sabo da kure, Hukuma tana iya sake yanke shi ta hanyar da ta dace.

Abin da ya wajaba a kan Hukuma a fili yake. Kowace takardar sokewa ta ambaci dalilinta da sashen dokar da aka dogara da shi, a ba mai ita kwanaki ya kawo hujjarsa kafin a turo motar rusau. Mai yiwuwa ne Gwamnati ta kasance da gaskiya cewa an rabar da filin jama'a ba daidai ba, amma wannan da'awa ce da ake tabbatarwa da takardu a gaban wanda abin ya shafa, kuma gini in ya faɗi ba a tashe shi da neman afuwa. Kuɗin sulhun Filin Idi daga baitulmalin talakawa ya fita. Ofishin da aka nuna masa rasiɗi ya janye takardarsa bai yi asarar girma ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

'Yan kasuwa kuma su adana rasiɗi kamar yadda suke adana littafin bashi, su rubuta ranar da kowace sanarwa ta iso hannunsu, su kai wa lauya cikin makon nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya tsare dukiyar bayinsa. Amin.