Kalmomi uku tsakanin gadon haihuwa da ɗakin jarrabawa

Ya 'yan'uwa, mu Hausawan Kamaru, daga Birikitari ta Yawunde har zuwa Garwa da Marwa, bakinmu ya daɗe da sabawa da kalmomin Faransanci. Makarantar boko lakwal ce, ofis biro ne, hukumar gari kuwa meri. Aron kalma ba abin kunya ba ne, Hausa ta ara daga Larabci tun kafin zuwan Nasara. Abin da ke cutar da mu shi ne mu riƙe sautin kalma mu bar ma'anarta, har mu haɗa takardu uku mabambanta mu kira su da suna ɗaya, wai “takardar haihuwa”.

Ta farko ita ce deklarasiyo, ma'anarta sanarwa. Ita ce takardar da asibiti ke cikawa in mace ta haihu, ɗauke da rana da sunan uwa. Aikinta ta shaida wa hukuma cewa an yi haihuwa, daga nan ba ta da wani ƙarfi. Gidaje da yawa sun naɗe ta cikin akwati shekara goma, suna zaton an gama.

Ta biyu ita ce akt, wato rubutacciyar shaida ta hukuma. A meri ake yin ta, ko a wata ƙaramar cibiyar rajista, a shigar da yaro cikin babban littafi, a ba shi lamba, magajin gari ko jami'in rajista ya sa hannu ya buga hatimi. Wannan ce gwamnati ta sani. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar haihuwa, kuma a cikin wa'adin nan rajistar kyauta ce. Wanda ya wuce wa'adin da kaɗan sai ya bi ta hannun furokure, babban lauyan gwamnati. Wanda ya bari aka daɗe, sai kotu.

Nan ta uku ke shigowa, jijima, ma'anarta hukuncin alƙali. Mutanenmu na jin kotu sai gaba ya faɗi, a ɗauka laifi aka yi. Alhali wannan hukunci ba ya ɗaure kowa, umarni ne kawai ga meri ta rubuta haihuwar da ba a rubuta a kan lokaci ba.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 11 da ta kai aji shida, wanda ake kira CM2. Direkta, shugaban lakwal, ya ce a kawo dosiye, wato tarin takardun neman shiga jarrabawar CEP. Uba ya kawo deklarasiyo, aka mayar masa. Yanzu sai ya je meri ya karɓo shaidar cewa sunanta ba ya cikin littafi, ya je wurin likita ya ƙiyasta shekarunta a rubuce, ya nemo shaidu, ya kai ƙara kotu, ya jira ranar zama. In jijima ta fito, a nan wasu ke sake tuntuɓe, su adana ta a gida. Dole a mayar da ita meri, domin da ita za a rubuta akt. Kafin a gama wannan zirga-zirga, sau da yawa an rufe karɓar dosiye, yarinya ta rasa shekara, wani lokaci ma karatun ya tsaya ke nan.

Ko mai akt a hannu akwai abin da zai kiyaye. Ba a miƙa wa lakwal ta asali, kwafi ake yi a kai a legalize, wato jami'i ya tabbatar ta yi daidai da asalinta. Za a liƙa mata tambur, 'yar takardar haraji da ake saye, sannan a buga kashe, wanda ba kisa ba ne, hatimi ne. A kuma duba rubutun suna harafi bayan harafi kafin a bar biro, domin gyaran akt ma yana iya kai mutum gaban alƙali.

Akwai masu cewa wannan aikin 'yan boko ne, a bar musu. Mu ba mu yarda ba. Wanda bai san sunan abin da yake nema ba, shi ne abincin 'yan kamasho a ƙofar meri, shi ne kuma ake sayar wa akt ta jabu wadda ba ta da lamba a littafi, ba za a gane ba sai ranar neman katin ɗan ƙasa.

Shawararmu ita ce mu ɗaura wannan aiki a kan al'adar da ba ma mantawa. Ranar bakwai ake raɗa suna, saura kwana 83. Limamin da ya raɗa suna da mai unguwar da ya halarta su tambayi uba a gaban jama'a: “Malam, yaushe za a kai deklarasiyo meri?” Ranar arba'in kuma ungozoma da gwaggo su ce a nuna musu akt da idonsu.